Tsohon Janareto Ko Sabo: Lissafin Da Muka Yi Wa Makarantarmu

Duk wanda ya kwana a makarantar nan ya san tsohon janaretonmu, ko da kuwa bai taɓa leƙa ɗakin da yake ba. Da zarar ƙarfe bakwai ta yi sai a ji ya yi tari sau biyu ko uku, hayaƙi ya turnuƙe bayan kicin, sa'an nan fitilun ajujuwa su kama. Shi ke ba mu hasken karatun dare, shi ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. A zangon da ya wuce ya tsaya har kwana tara. Mun yi karatun jarrabawa da tocila, mun kuma yi layin ruwa da bokiti tun da asuba. Tun daga lokacin ake ta muhawara: a ci gaba da lallaɓa shi, ko a sayar a sayi sabo?

Maganar ba ƙarama ba ce ga iyayenmu. Sabon inji mai ƙarfin kVA 60, irin namu, da kuɗin ɗauko shi da kafa shi, an yi mana farashinsa naira miliyan 20. Wani dillali ya taya tsohon miliyan 3. Saura miliyan 17 ke nan, kuma idan ƙungiyar iyaye da malamai ce za ta biya, mu ɗalibai 850 ne, kowane yaro naira 20,000. Na san gidajen da ke da yara uku a nan. Saboda haka da malaminmu na tattalin arziki ya ba mu wannan matsala a matsayin aikin aji, ni da abokaina biyu muka ɗauke ta da gaske. Abin da muka samu shi ne zan bayyana a nan, don a karanta kafin taron iyaye.

Mun fara da neman gaskiyar abin da injin ke ci. Muka tafi wurin dattijon da ke kula da shi, wanda duk muke kira Baba mai inji. Ya nuna mana wani ɗan agogo a jikin injin da ke ƙidaya awoyin aiki. Ana kunna shi awa huɗu kullum, kwanakin da muke makaranta kuwa kusan 250 ne a shekara, wato awa 1,000. Don mu san man da yake sha, sai muka cika tankinsa, muka yi alama a jikin sandar awo, bayan dare biyar muka sake cikawa muna ƙirga jarkoki. Awa 20 ya sha lita 240. Lita 12 ke nan a kowace awa. Takardar da ta zo da farashin sabon ta nuna cewa da irin nauyin da muke ɗora masa zai sha kamar lita 9. Baba ya ce bambancin bai ba shi mamaki ba. Nozojin tsohon sun buɗe, suna zubar da man maimakon su fesa shi, ringin fistin kuma sun cinye. Baƙin hayaƙin nan da muke gani, in ji shi, man da muka saya ne yake fita bai ƙone ba.

A nan muka ci karo da wani abu. Littafin sito ya nuna an fitar da lita 13,500 na gas a bara, mu kuwa awonmu ya ba da 12,000. Ina lita 1,500 suka shiga? Da aka bi bututun da ke kawo mai daga babban tanki na waje, sai aka tarar yana ɗiga a wani mahaɗi a ƙarƙashin ƙasa. An ɗaure shi a yini guda. Da mun yi amfani da adadin littafin sito, da mun ɗora wa tsohon injin laifin da ba nasa ba, alhali sabon ma da ya zo zai tarar da wannan yoyon.

Farashin gas yana hawa yana sauka, sai muka ɗauke shi naira 1,000 lita don lissafi ya yi sauƙi. Tsohon zai ci man miliyan 12 a shekara, sabon miliyan 9. Game da gyara, mun duba rasidai tare da ma'ajin makaranta, muka kuma tambayi bakaniken da ke zuwa daga gari. Ya ce zai iya jan tsohon har shekara biyar, amma kuɗin gyaransa zai riƙa ƙaruwa: miliyan 2 a shekarar farko, kowace shekara kuma a ƙara rabin miliyan, har ya kai miliyan 4 a ta biyar. Daga nan sai 'yan gwangwan, su saye shi rabin miliyan. Sabon kuwa juyen mai ne duk bayan awa 250, da canza filtoci, da 'yan ƙananan abubuwa, a ce miliyan 1 a shekara. Bayan shekara biyar za a iya sayar da shi kamar miliyan 8.

Dole a auna su biyun a kan tsawon lokaci guda. Tun da tsohon shekara biyar ya rage masa, sai muka yanke lissafin a nan. Sabon zai wuce haka nesa, shi ya sa muka ba shi ladan miliyan 8 ɗin nan, domin su ne ke wakiltar sauran ƙarfin da ya rage masa.

Kafin mu fara tarawa sai gardama ta tashi tsakaninmu. Abokina ya ce a bara an kashe miliyan 4 wajen buɗe tsohon injin aka sa masa sababbin kaya, in aka sayar da shi yanzu an yi asarar kuɗin ke nan. Na ji manya ma suna faɗin haka, kuma da farko na yarda. Malam ya tambaye mu: "In kun riƙe injin, miliyan huɗun za su dawo? In kun sayar fa?" Muka yi shiru, domin ta kowace hanya sun riga sun tafi. Abin da ba zai canja ba ko wace shawara aka yanke, ba shi da wuri a cikin lissafin shawarar. Idan gyaran bara ya yi amfani, amfaninsa ya riga ya bayyana a cikin shekara biyar ɗin da bakanike ya ce injin zai ƙara yi, da kuma miliyan 3 da dillali ya taya. Miliyan 3 ɗin nan kuwa dole su shiga, don kuɗi ne da za su zo hannu yau in an sayar, in an riƙe kuma an haƙura da su. Sau ɗaya tak za a sa su. Mu mun cire su daga farashin sabon, shi ya sa muka ce miliyan 17.

To, sai muka tara kamar yadda kowa zai yi. Tsohon, mai da gyara, zai ci miliyan 14, da 14.5, da 15, da 15.5, da 16. Jimla miliyan 75, a cire rabin miliyan na 'yan gwangwan, saura 74.5. Sabon kuwa miliyan 17 yau, da miliyan 10 sau biyar, a cire miliyan 8, ya zama 59. Bambanci miliyan 15 da rabi! Muka ruga wurin Malam da murna, muna cewa ai magana ta ƙare, a sayi sabo gobe.

Ya dubi takardar ya ce tarawarmu daidai ce, amma mun tara awaki da tumaki mun kira su da suna ɗaya. Naira ta yau da naira ta shekara biyar masu zuwa ba abu guda ba ne.

Ban gane ba sosai sai da na tuna mahaifina. Yana sayen hatsi a ƙauyuka yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano. In ka ba shi naira 100,000 yau, ba zai ajiye ta a ƙarƙashin katifa ba. Zai juya ta, kuma a shekara mai kyau ta koma 120,000. Saboda haka in wani ya ce masa, "Ka biya ni 120,000 baɗi ko ka biya ni 100,000 yau," a wurinsa duk ɗaya ne. Bashin 120,000 na baɗi nauyinsa a yau 100,000 ne kawai. Wannan shi ne abin da ake nufi da darajar yau: nawa zan ware yanzu, in bar shi yana aiki, don ya isa biyan abin da zai zo nan gaba? Naira 20,000 da za a karɓa daga hannun kowane uba, daga jarinsa za a zare ta, kuma abin da za ta haifa masa ya tafi tare da ita.

Mun ɗauki kashi 20 cikin 100 a shekara. Ba daga sama muka tsinto shi ba. Ma'aji ya ce kusan abin da kuɗin ƙungiyar iyaye za su iya samowa ke nan in an zuba su a wani abu mai aminci, rance daga banki kuwa ya fi haka tsada. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya kansa ya kai kashi 27.5.

Yadda ake yi ba wuya. Kuɗin da za a biya bayan shekara ɗaya a raba shi da 1.2. Na bayan shekara biyu a raba shi da 1.2 sau biyu, haka har zuwa biyar. Don a huta da rabawa, sai a fitar da darajar naira ɗaya ta kowace shekara tun farko, a riƙa ninkawa da ita. Naira ɗaya ta ƙarshen shekarar farko tana daidai da 0.833 a yau, ta biyu 0.694, ta uku 0.579, ta huɗu 0.482, ta biyar 0.402. Ku lura da ta ƙarshen nan: naira ɗaya ta shekara ta biyar kwabo 40 ce kacal a yau. Mun yi kamar duk kuɗin shekara a ƙarshenta ake biyansa. Ba haka yake ba a zahiri, domin gas wata-wata ake saye, amma haka aka saba yi don sauƙi.

Ga yadda na tsohon ya fito, a miliyoyin naira:

Shekara ta 1: 14 × 0.833 = 11.66
Shekara ta 2: 14.5 × 0.694 = 10.06
Shekara ta 3: 15 × 0.579 = 8.69
Shekara ta 4: 15.5 × 0.482 = 7.47
Shekara ta 5: 16 × 0.402 = 6.43

Jimlarsu miliyan 44.31. Rabin miliyan na 'yan gwangwan sai a shekara ta biyar zai zo, darajarsa a yau 0.20, a cire. Tsohon ya tsaya a kan miliyan 44.11.

Na sabon ya fi sauƙi, domin miliyan 10 ne kowace shekara ba canji. A tara lambobin nan biyar, su ba da 2.99, a ninka da 10, ya zama 29.90. Miliyan 17 na saye yau za a biya su, babu abin da za a rage musu, suna nan da nauyinsu. An sami 46.90. Miliyan 8 da za a sayar da shi kuwa sai bayan shekara biyar, darajarsu a yau 3.22 kawai. Da aka cire, sabon ya tsaya a kan miliyan 43.68.

Sai muka dubi juna. Bambancin miliyan 15 da rabi ya koma naira 430,000. Har yanzu sabon ne ya fi araha, amma da ƙyar. Na sake lissafin sau uku ina zaton na yi kuskure, ban yi ba. Dalilin kuwa a fili yake in an lura. Babban kuɗin sabon inji a gaba yake, yau ake fitar da shi gaba ɗaya. Alherinsa kuwa a hankali yake zuwa, kuma mafi yawansa a can ƙarshe, lokacin da gyaran tsohon ya yi tsada da lokacin da za a sayar da shi, wato a shekarun da naira ta koma kwabo 48 da kwabo 40. Tsohon kuwa yau ba ya neman ko sisi, wahalarsa duk tana baya.

Idan bambanci ya yi ƙanƙanta haka, ba a cewa an sami amsa. Naira 430,000 cikin miliyan 44 kamar kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma babu ko ɗaya daga cikin alƙalumanmu da muka tabbatar da shi har wannan matsayi. Malam ya ce mu taɓa su ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda ke juya sakamakon.

Mun fara da awoyi. Kowace awa sabon yana tsimin lita 3, wato naira 3,000. Awa ɗaya a kowace shekara har shekara biyar, darajarta a yau 3,000 sau 2.99, naira 8,970. A raba 430,000 da wannan, a sami kusan 48. Ma'ana, in awoyin aiki suka ragu daga 1,000 zuwa kusan 950 a shekara, fifikon sabon ya ƙare. Wannan ba hasashe ba ne kawai, domin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta daɗe tana maganar sa wa rijiyar burtsatse famfo mai aiki da hasken rana. In aka yi haka awoyin suka sauka zuwa 800, tsohon ne zai fi araha da kusan miliyan 1.36, ko da mun bar kuɗin gyara yadda yake. Injin da ba a kunna shi da yawa, ba ya samun damar rama kuɗin da aka saye shi.

Sa'an nan muka ɗaga kashi 20 ya koma 25, kamar a ce rance za a ci. Tsohon ya fito miliyan 39.60, sabon 41.28. Tsohon ya yi nasara da kusan miliyan 1.7. Duk lokacin da kuɗi suka yi tsada, jira yakan yi daɗi.

Har na fara karkata ga tsohon, sai wata tambaya ta zo mini da dare a ɗakin kwana, washegari na kai wa Malam. Kashi 20 ɗin nan, ai wani ɓangare nasa tsadar kaya ce ke jawo shi. Ribar da mahaifina ke gani a takarda, da yawanta tashin farashi ne kawai, domin buhun da zai sake saye shi ma ya tashi. To, yaya za mu rage darajar naira ta gaba da kashi 20, amma mu bar gas a naira 1,000 har shekara biyar, kamar shi kaɗai ne ba zai tashi ba? Malam ya ce wannan kuskure ne na gaske, kuma manya ma suna yinsa. In ma'aunin ya ƙunshi tashin farashi, dole kuɗaɗen da ake aunawa su ma su ƙunshe shi. In ba haka ba, an zalunci duk wanda alherinsa ke nan gaba, a nan kuwa sabon inji ne.

Sai muka gyara. Muka ce gas ya riƙa tashi da kashi 10 kowace shekara. Tsimin man da sabon ke yi ba zai tsaya a miliyan 3 ba, zai zama 3.3 a shekarar farko, ya hau har 4.83 a ta biyar. Ƙarin da aka samu, da aka mayar da shi darajar yau, miliyan 2.67 ne. Fifikon sabon ya tashi daga naira 430,000 zuwa kusan miliyan 3.1. Kayan gyara ma za su tashi, kuma tsohon ne ya fi cinsu, don haka in an sa su fifikon zai ƙaru. Da wannan gyara, saukowar awoyi zuwa 800 za ta ci kamar miliyan 2.3 daga ciki, ta bar kusan naira 800,000. Ya yi sirara, amma bai ɓace ba.

Akwai kuma abin da ba mu iya sa masa farashi ba, wato kwana taran nan. Ma'aji ya nuna mana rasidin tankar ruwa da aka saya a lokacin, wannan ana iya ƙirga shi. Amma daren karatun da 'yan ajin ƙarshe suka rasa ana saura mako uku jarrabawa, ban san naira nawa zan rubuta masa ba. Na bar shi a gefe, sai dai na san ɓangaren da yake danna sikeli. A ɗaya ɓangaren kuma, lita 9 ɗin nan daga takardar mai sayarwa ta fito, ba mu muka auna ba. In sabon ya zo yana shan lita 10, kashi ɗaya cikin uku na tsimin ya tafi, wato miliyan 1 a shekara, wanda darajarsa a yau ta kai kusan miliyan 3.9 in gas yana tashi yadda muka ɗauka. Wannan kaɗai ya isa ya cinye fifikon gaba ɗaya.

Ra'ayina shi ne a sayi sabon, amma kada a yanke kafin a yi abu biyu. A tambayi tsofaffin ɗalibai ko famfon hasken rana yana zuwa da gaske, domin in yana zuwa, nauyin da ke kan injin zai ragu, wataƙila ƙaramin inji mai rahusa ya ishe mu, sai a sake lissafin da farashinsa. Baba ya ce babban injin gas da ake ɗora wa ɗan ƙaramin nauyi ba ya ƙona mai da kyau, har baƙin mai yakan riƙa fita ta salansa. Na biyu, a je wata makaranta ko asibiti da ke amfani da irin wanda ake so a sayar mana, a cika tankinsa a yi alama a sanda, a ƙirga jarkoki kamar yadda muka yi. Mun miƙa takardunmu ga shugaban makaranta, kuma ya yarda a liƙa kwafi a allon sanarwa na bakin ofis, don duk uban da ya zo taro ya iya sa nasa farashin gas ya sake ninkawa da kansa.